Shafin B ya fi shafin A, ko sa'a ce kawai? Yadda za ka gane da kwakuletar wayarka

Masu sayar da kaya ta intanet da yawa a Sakkwato sun koyi dabarar gina ɗan shafi guda ɗaya wanda tallar Facebook ko Instagram ke kai mutum kansa, ya ga kayan, ya danna maɓallin WhatsApp ya yi ciniki. Wannan shi ake kira shafin sauka. Wasu sun ƙara gaba, suna gina shafi biyu su raba masu zuwa gida biyu don su ga wanne ya fi jawo ciniki, abin da ake kira gwajin A/B. Inda ake yawan tafka asara shi ne wajen karanta sakamakon. Mutum zai ga shafin B ya ɗan wuce A bayan kwana huɗu, sai ya rufe A ya zuba kuɗin tallarsa duka a kan B, alhali bambancin da ya gani ba ya nufin komai. A wannan rubutu za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, mu ga yadda ake raba bambanci na gaskiya da wanda sa'a ta kawo.

Misalin da za mu yi aiki da shi

A ce wani matashi ne a Arkilla yake sayar da fankar sola. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, kasuwarsa ta buɗe, sai ya saka talla ga mutanen cikin gari. Shafin A yana nuna hoton fankar, farashinta da ƙarfin batirinta. Shafin B kaya ɗaya ne, farashi ɗaya, amma a can sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ana kai kaya har gida a Arkilla, Gwiwa, Runjin Sambo da Mabera, kuma sai ka gani ka biya. Duk wanda ya danna tallar, na'ura ce ke jefa shi ɗaya daga cikin shafukan ba tare da zaɓi ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne mutum nawa suka danna maɓallin WhatsApp. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, amma lissafin da za mu yi da su shi ne ainihin wanda ake yi.

Tallar tana kawo mutum 250 a rana. Bayan kwana huɗu, mutum 500 sun ga shafin A, 40 daga ciki sun danna, wato kashi 8 cikin ɗari. Mutum 500 sun ga shafin B, 52 sun danna, wato kashi 10.4 cikin ɗari. Idan ka raba 52 da 40 za ka ga B ya fi A da kashi 30 cikin ɗari. Duk wanda ya ga wannan a allon wayarsa zai ji kamar an gama magana. Ba a gama ba.

Me ya sa shafi biyu iri ɗaya ba sa ba da lamba ɗaya

Ɗauki kwandala ka jefa sau ɗari. Da wuya ka samu hamsin da hamsin cif. Yau 46 da 54, gobe 53 da 47, kuma kwandalar ba ta canza ba. Haka masu shiga shafi suke. Ko da A da B kwafin juna ne babu bambancin ko harafi ɗaya, a cikin mutum 500 da suka faɗa wannan ɓangaren za a iya dacewa da masu kuɗi a hannu sun ɗan fi yawa, ko waɗanda aka ɗauke wa wuta a daren jiya. Lambobin za su bambanta duk da cewa shafukan ɗaya ne.

Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce "wanne ya fi yawa?" ba. Tambayar ita ce: da a ce shafukan nan ƙarfinsu ɗaya, sau nawa sa'a kaɗai za ta iya kawo rata mai girman wadda na gani? Idan sa'a tana yawan kawo irin wannan rata, to ba ka da hujja. Idan da ƙyar take kawo ta, to akwai dalilin yarda cewa shafin ne ya yi aikin.

Gwajin minti ɗaya da kwakuleta

Akwai hanya mai sauƙi da ke aiki idan an raba mutane daidai tsakanin shafukan, kuma masu dannawa 'yan kaɗan ne cikin masu shiga, kamar kashi 10 ko ƙasa da haka. Ka haɗa duka waɗanda suka danna, ka ɗauki saiwar lambar da maɓallin √ na kwakuletar wayarka, ka ninka sau biyu. Wannan ita ce iyakar da sa'a ta saba kaiwa. Sai ka gwada ta da ratar da ke tsakanin shafukan.

A misalinmu, 40 da 52 sun ba da 92. Saiwar 92 ita ce 9.6, ninki biyu kuwa 19. Ratar da muka gani 12 ce kawai. Tunda 12 ba ta kai 19 ba, wannan rata tana cikin abin da sa'a ke yi kullum. Wato "kashi 30 cikin ɗari" ɗin nan da ya burge mu, mutum goma sha biyu ne kacal, kuma mutum goma sha biyu za su iya faɗawa kowane ɓangare.

Ka lura da wani abu a nan. Lissafin bai damu sosai da yawan waɗanda suka shiga shafin ba, ya fi damuwa da yawan waɗanda suka danna. Shi ya sa mutum zai yi ta alfahari da baƙi dubu goma, amma idan talatin ne suka danna, gwajinsa na mutum talatin ne.

Cikakken lissafin

Wanda ke son lamba ta daidai zai iya yin cikakken gwajin. Ana fara da haɗa shafukan biyu a samu kaso na bai-ɗaya: 92 cikin 1,000, wato 0.092. Daga nan ake fitar da girman jujjuyawar da sa'a ke kawowa, sannan a raba ratar da aka gani da ita. Amsar ita ake kira z. Ga shi a Python, kuma yana gudu a wayar Android ta manhajar Pydroid 3:

```python
from math import sqrt, erfc

def gwaji(na, xa, nb, xb):
    p = (xa + xb) / (na + nb)
    se = sqrt(p * (1 - p) * (1/na + 1/nb))
    z = (xb/nb - xa/na) / se
    return round(z, 2), round(erfc(abs(z) / sqrt(2)), 3)

print(gwaji(500, 40, 500, 52))
```

Zai fitar da `(1.31, 0.189)`. Lamba ta farko ita ce z, ta biyu kuma ita ake kira darajar p. Ma'anar 0.189 ita ce: da shafukan ƙarfinsu ɗaya, za a ga rata kamar wannan ko fiye a kusan gwaji 19 cikin kowane 100. Kusan sau ɗaya cikin biyar ke nan. Abin da ke faruwa sau ɗaya cikin biyar ba abin mamaki ba ne.

Al'adar da aka saba ita ce ba a yarda da bambanci sai darajar p ta sauka ƙasa da 0.05, wanda ya yi daidai da z ta haura 1.96. Daga nan ne "ninki biyu" na gwajin kwakuleta ya samo asali. Ita wannan iyaka ta 0.05 ba doka ba ce daga sama. Masanin ƙididdiga na Ingila Ronald Fisher ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1925, mutane suka ga ta yi musu daidai suka riƙe.

Abu biyu ake yawan fahimta a karkace. Na farko, 0.189 ba ta nufin akwai tabbacin kashi 81 cewa B ya fi A. Tana magana ne kawai a kan abin da sa'a ke iya yi idan babu bambanci. Na biyu, rashin kai wa iyaka ba ya nufin shafukan ɗaya ne. Yana nufin ba a tara mutane da suka isa a yanke hukunci ba. Idan ka ɗauki ratar maki 2.4 da muka gani ka ƙara mata, ka kuma rage mata, abin da sa'a ke iya kawowa, wato kusan maki 3.6, za ka ga gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina tsakanin B ya gaza A da maki 1.2 zuwa B ya fi A da maki 6. Muddin sifili yana cikin wannan tazara, ba ka san wanda ya yi nasara ba.

Mutum nawa ake buƙata

Wannan tambaya kafin a fara gwaji ake amsa ta, ba bayan an ga sakamako ba. Ka fara da sanin kason da shafinka na yanzu ke samu, sannan ka yanke mafi ƙanƙantar ƙari da zai sa ka ce canjin ya biya wahalarsa. A ce mai fankar nan yana kan kashi 8, kuma yana son ya gane idan B zai kai shi kashi 10. Akwai ƙa'ida ta kusa-kusa da masu wannan aiki ke amfani da ita:

```
n = 16 * p * (1 - p) / d^2
```

A nan p ita ce tsakiyar kason biyu, wato 0.09, d kuma ratar da kake nema, wato 0.02. Amsar ta kusa 3,300 ga kowane shafi, 6,600 ke nan gaba ɗaya. Da wannan adadi, idan har B ya fi A da maki biyun nan da gaske, gwajin zai kama shi kusan sau 8 cikin 10. A kan mutum 250 a rana, ana buƙatar kwana 27, sai a cika shi mako huɗu.

Yanzu ka ga yadda mutum 500 suka yi nisa da isa. Ka kuma lura cewa d tana ninka kanta a ƙasan lissafin, don haka ƙaramin bambanci tsada gare shi. Gane ƙari daga kashi 8 zuwa 9 yana cin kusan mutum 12,400 a kowane shafi, fiye da wata uku na talla a wajen mai fankar nan, lokacin damina ta sauka kasuwar fanka ta ja baya. Amma gane ƙari daga kashi 8 zuwa 12 yana cin mutum 900 ne kawai a kowane shafi, kusan mako guda.

Darasin ga ƙaramin ɗan kasuwa a fili yake. Kada ka ɓata kuɗin talla kana gwada launin maɓalli. An san Google ta taɓa gwada shuɗi kala 41, amma ita tana da miliyoyin mutane a kowace rana. Kai ka gwada abin da zai iya canza ra'ayin mai saye da gaske: biya kafin a kawo ko bayan an kawo, rubutu da Hausa ko da Turanci, hoto ko bidiyo.

Ko manyan gwaje-gwajen da suka yi suna, yawan mutane ne ya ba su ƙarfi. A ƙarshen 2007 ofishin yaƙin neman zaɓen Barack Obama ya gwada salo 24 na shafin farko a kan mutum 310,382, kusan 13,000 ga kowane salo. Na asali yana samun kashi 8.26 na masu ba da adireshin imel, wanda ya yi nasara kuma, mai hoton iyali da maɓallin "Learn More", ya samu kashi 11.6. Kason ya yi kama da na misalinmu, bambancin shi ne su sun tara mutanen da suka sa ratar ta fi ƙarfin sa'a nesa ba kusa ba. Kuma bidiyoyin da ma'aikatan ofishin suka fi so, duk hotuna sun doke su.

Tarkon leƙe

Babban abin da ke lalata gwaji shi ne mutum ya riƙa duba sakamako kowace safiya, da niyyar tsayawa ranar da ya ga p ta sauka ƙasa da 0.05. Iyakar 0.05 tana nufin idan babu bambanci, sau 5 cikin 100 ne za a yaudare ka, amma da sharaɗin sau ɗaya ka yanke hukunci. Lambobin suna hawa suna sauka a lokacin gwaji, kuma duk leƙen da ka yi wata sabuwar dama ce ka kama su a ranar da suka karkata.

Masanin ƙididdiga Peter Armitage da abokan aikinsa sun lissafa wannan tun 1969. Idan ka duba sau biyar kana shirye ka tsaya, haɗarin yaudara yana tashi daga kashi 5 zuwa kusan 14. Sau goma, kusan kashi 19. Sau ashirin, kusan ɗaya cikin huɗu. Wanda ke leƙawa kullum tsawon mako huɗu ya wuce nan ma. Wato shafi biyu masu kama da juna sak za su ba shi "gwani" na ƙarya fiye da sau ɗaya cikin huɗu.

Maganin shi ne ka rubuta ranar tsayawa kafin ka fara, kuma ka cika alkawarin. Kana iya dubawa don ka tabbatar shafukan suna buɗewa kuma ƙirga tana tafiya, amma hukunci sai ranar da ka sa. Ka kuma sa gwajin ya ɗauki cikakkun makonni, domin masu shiga ranar Juma'a ba irin na Litinin ba ne, kuma mako na ƙarshen wata da albashi ya shigo ba ya kama da tsakiyar wata. Duka shafukan su gudu a lokaci ɗaya. Wanda ya saka A a wannan mako, B a mako mai zuwa, bai gwada shafi ba, ya gwada makonni ne. Idan kuma gwajin ya faɗa cikin azumi ko kusa da sallah, sakamakon na wannan lokacin ne, ba lalle ya tsaya haka bayan sallah ba.

Ranar hukunci

A ce mai fankar ya daure har mako huɗu. Shafin A ya samu mutum 3,500, 287 suka danna, kashi 8.2 ke nan. Shafin B ya samu 3,500, 350 suka danna, kashi 10. Gwajin kwakuleta: 287 da 350 sun ba da 637, saiwarta 25.2, ninki biyu kusan 50. Ratar 63 ce, ta wuce 50. Idan ka saka `gwaji(3500, 287, 3500, 350)` za ka samu `(2.62, 0.009)`. Sa'a kaɗai ba ta kawo irin wannan rata sai ƙasa da sau ɗaya cikin ɗari. Yanzu akwai hujjar komawa shafin B.

Amma ka dubi girman nasarar. Ratar yanzu maki 1.8 ce, ba 2.4 da aka gani a kwanakin farko ba, kuma gaskiyarta tana tsakanin kusan rabin maki zuwa maki uku. B ya fi A, wannan ya tabbata gwargwado. Nawa ya fi shi, wannan har yanzu da sauran faɗi. Idan kai kaya har gida yana cin kuɗin mai babur, sai a yi lissafin riba da ƙananan lambar, ba da babbar ba.

Abu biyu da za ka duba kafin ka yarda da lambobin

Na farko, rabon mutanen. Idan an saita rabi da rabi, adadin baƙin shafukan ya kamata ya kusanci juna, kuma dabarar saiwa tana aiki a nan ma. Saiwar 7,000 kusan 84 ce, ninki biyu kusan 167. Idan ka ga 3,540 da 3,460, ratar 80 ce, babu damuwa. Idan ka ga 3,700 da 3,300, ratar 400 ce, wani abu ya lalace. Dalilin da aka fi samu a wajenmu shi ne nauyin shafi. Idan B yana ɗauke da manyan hotuna, mai raunin sabis ko mai tattalin data zai fita kafin shafin ya gama buɗewa, kafin a ƙirga shi. Waɗanda suka rage a B sai su zama masu wayoyi masu kyau da sabis mai ƙarfi, kason B ya tashi ba don shafin ya fi kyau ba. Idan rabon ya karkace haka, babu lissafin da zai gyara shi. A rage nauyin hotunan a sake gwajin daga farko. Haka kuma a tabbatar mutane ake ƙirgawa ba dannawa ba, domin wanda sabis ya ba wa wahala zai iya danna maɓallin sau huɗu.

Na biyu, abin da kake aunawa. Danna WhatsApp ba ciniki ba ne. Shafin da ya ɓoye farashi zai tara masu dannawa don kawai su tambayi "nawa ne?", ya ci gwajin, amma kuɗi bai ƙaru ba. Don ka san daga wane shafi kowane mai saye ya fito, ka sa wa kowane maɓalli saƙonsa na daban:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Fanka-A
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Fanka-B
```

Sai ka riƙa rubuta wanda ya biya a littafi ko a Google Sheets. Sai dai ka sani cewa masu saye sun fi masu dannawa ƙaranci ƙwarai. Idan ɗaya cikin biyar ke biya, misalinmu zai ba da kusan 57 a A da 70 a B. Jimla 127, saiwa 11.3, ninki biyu kusan 23, rata kuwa 13. Wato gwajin da ya isa ya tabbatar da bambanci a dannawa bai isa ya tabbatar da shi a ciniki ba. Abin da lambobin ciniki za su yi maka a nan shi ne gargaɗi: idan dannawa ta tashi a B amma masu biya sun faɗi ƙasa sosai, to B 'yan kallo yake tarawa.

Idan kuma mako huɗu suka cika ratar ba ta wuce iyaka ba, kada ka ƙara kwana biyu-biyu kana jiran ta wuce, wannan shi ne leƙe ta bayan gida. Abin da sakamakon ke gaya maka shi ne, in ma akwai bambanci, da alama bai kai girman da ka nema ba. Ka riƙe shafin da ya fi sauƙin buɗewa ko wanda alkawarinsa ya fi arha a gare ka, ka ajiye kuɗin tallar don gwada wani canji mafi girma.